Kuɗin hayar shekara: adashi, banki ko buhunan masara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, albashina dubu 150, hayar gidana dubu 300 a shekara kuma farkon watan Maris take cika. Duk shekara sai na ci bashi nake biya, bana ma sai da matata ta sai da ɗan kunnenta, wallahi abin ya dame ni. Yanzu muna Yuni. Adashi zan shiga, ko banki zan dinga ajiyewa, ko in sayi masara da kaka in ajiye kamar yadda wani abokina yake ce min?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka wa uwargida da alheri, ya kuma sa wannan ne na ƙarshe da za a taɓa kayanta saboda haya.

Kafin maganar inda za a ajiye kuɗin bari mu fara gyara lissafin, don a nan yawancinmu muke faɗuwa. Mutum zai ɗauki dubu 300 ya raba gida 12 ya ce ai dubu 25 ce kawai a wata, ya ji hankalinsa ya kwanta. To kai ba ka da wata 12. Daga albashin Yuni zuwa na Janairu albashi 8 ne, kuma na Fabrairu kar ka sa shi a lissafi ko kaɗan, saboda in aka yi jinkirin biya da kwana 5 kawai ka shiga Maris hannunka bai cika ba, ga mai gida yana aiko yaro. Na biyu, dubu 300 kuɗin bana ne, ba na baɗi ba. Yadda siminti da komai suka tashi, da wuya mai gida ya yi shiru, kuma yawancinsu sai saura wata ɗaya ko biyu suke faɗa maka sun ƙara. Ni dai zan ce ka ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai, ka yi niyyar dubu 360. Raba 360 gida 8, dubu 45 kenan duk wata. Na san da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinka ne, amma bana ce kawai za ta yi wannan zafin saboda Maris, Afrilu da Mayu sun wuce ba a ajiye komai ba. In ka biya a Maris ka fara sabon tari daga albashin watan nan take, ka raba gida 9, zai dawo dubu 40, ka ga ka samu wata biyu na numfashi, ɗaya na Satumba lokacin kuɗin makarantar yara, ɗaya na watan sallah.

Kuma tun yanzu ka je ka samu mai gidan da kanka, ba ta waya ba, ku gaisa ka ce Alhaji ina son in san yadda za mu yi baɗi don in shirya. Mutane suna tsoron wannan wai kamar tuna masa ƙari ne. Wallahi bai manta ba. In ya faɗi kuɗin tun yanzu ka san abin da kake tarawa, in bai ƙara ba dubu 60 ɗin nan ta zama taka, sai ka fara mayar wa Hajiya ɗan kunnenta.

Yanzu masara. Kar ka yi da kuɗin haya. Ba wai sana'ar ba ta da kyau ba, masu yi suna samu, amma su suna iya jira har damina ta faɗi farashi ya tashi, kai kuma ranarka a rubuce take. Kaka wajen Oktoba zuwa Disamba ce, kai kana buƙatar kuɗi ƙarshen Fabrairu, tsakanin nan sau da yawa hatsi bai yi wani motsi ba, ga kuɗin dako, ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari, kuma mun ga shekarar da aka sayi buhu da tsada ya zo ya faɗo ƙasa mutane suka tafka asara. Wanda dole ta sa zai sayar, dillali yana ganin fuskarsa ya gane, kuma yadda ya ga dama zai taya.

Adashi yana da wani amfani da banki ba shi da shi, wato kunya. Ba za ka iya kallon uwar adashi ka ce wannan watan babu ba. In ku 8 ne kowa na zuba dubu 45, kwasa ɗaya ta biya hayarka cif. Amma fa ka lura, kai kwasar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe kake so, kuma mai kwasar ƙarshe shi ne yake ɗauke da haɗarin kowa, don wanda ya kwasa a wata na biyu shi ne yake fara zuwa da labarin rashin lafiya a wata na biyar. Ni kaina an taɓa yi min, mu 10 ne, biyu suka kwasa suka ɓace, da aka zo kaina guntu-guntu aka dinga ba ni har wata uku, hayar ta wuce ina bin mutane. Don haka in za ka shiga, ya zama da abokan aikinka da kuke karɓar albashi rana ɗaya, a rubuta sunaye da jerin kwasa kowa ya sa hannu, ka nemi kwasar Disamba ko Janairu. Alamar adashin da zai lalace kuwa a bayyane take: in aka fara cewa wane zai cika sati mai zuwa kuma aka ƙyale shi, ko uwar adashi ta fara ba da kwasa ba cikakke ba, to ka fara neman mafita.

Wanda na fi so maka shi ne asusu na daban a banki, ba wanda albashi ke shiga ba. Kar ka karɓi kati, kar ka sa manhajarsa a waya, ya zama sai ka taka ka je reshe kafin ka cire. Sai ka je bankin albashinka ka ce su sa maka umarnin tura dubu 45 kai tsaye duk wata, kwana ɗaya ko biyu bayan ranar da albashi ya saba shiga, kuɗin ya fita kafin ka gan shi. Wanda ya ce zai ajiye ragowar ƙarshen wata ba zai taɓa ganin ragowa ba, ni ban taɓa gani ba. In kuɗin ruwa ne damuwarka akwai Jaiz da TAJ, ba sa harkar ruwa. Ka dai tabbata wurin yana da lasisin CBN kuma yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki, ka guji duk mai ce maka kawo kuɗin haya a ninka maka a wata uku.

Akwai kuma hanyar da take aiki sosai in mai gidan mutumin kirki ne: duk wata huɗu ka ɗauki abin da ya taru, dubu 180, ka kai masa tun kafin lokaci, da sharaɗin kuɗin ya tsaya yadda kuka yi magana. Kuɗin da ke hannun mai gida ƙaninka ba zai zo aro ba, biki ba zai ci ba. Amma hannu da hannu, ko ta asusun shi mai gidan, ba ta hannun dillali ko mai kula da gida ba sai in shi ya ce a ba su a gaban shaida. Ka karɓi rasit da aka rubuta adadin, da kwanan wata, da cewa kason hayar Maris mai zuwa ne, ka ɗauki hotonsa a waya. In kuma kana jin ƙishin-ƙishin za a sai da gidan, ko gidan gado ne magada ba su daidaita ba, kar ka ba da ko sisi kafin lokaci, bar shi a banki.

Sannan ka zaunar da uwargida ka nuna mata lissafin nan, dubu 105 ce za ta riƙe gidan har Janairu, ku duba tare me za a rage a cefane da kati da mai. In wani watan ya gagara ka zuba dubu 30 kawai, kar ka ce tarin ya rushe, ka rubuta gibin dubu 15 ɗin a takarda, albashin Fabrairu da muka bari a gefe shi zai cike shi.