Amsar Hajiya a kan burkina da sobolo

Tambayar da wata mai sayar da burkina, wato abin sha na madara da gero, da sobolo, wato zoɓo, ta tura gurup daga Kumasi: "Hajiya, wata 4 ke nan ina yin burkina a Aboabo, ina haɗawa da ɗan sobolo. Kullum ina aiki amma ban ga kuɗi ba. Na turo miki hoton littafina. In bari ne, ko in ƙara haƙuri? Firizar kawai sidi 4,500 na saye ta."

Muryar Hajiya, kamar yadda aka rubuta ta:

Assalamu alaikum. Ƙanwata, ki yi haƙuri, tun jiya na ga saƙon, amma sai da na zauna da biro bayan isha'i na bi hotunan nan shafi-shafi, don kada in ba ki amsar ka. Rubutunki ya karantu, sai dai kin yi abin da yawancinmu muke yi, wato kin zuba cinikin burkina da na sobolo a layi ɗaya, kin sa jimla a ƙasa. Jimlar nan ita ta rufe miki ido. Da na raba su gida biyu, sai na ga ashe sana'a biyu kike yi, ɗaya tana ɗauke da ɗaya a baya.

Bari mu ɗauki sati guda na Afrilu, don shi ne mai tsakaici. Kin yi gora 200 na burkina. Madara, gero, suga, gorar kanta da ledar rufi, duk na tara yadda kika rubuta, ya kama sidi 1,400. Wato kowace gora ta ci sidi 7, kina sayarwa 10. A ranki kina cewa ribar gora sidi 3 ce, ko ba haka ba? To, gora nawa aka saya a satin? 160. Sauran 40 ɗin, wasu sun yi tsami kin zubar, wasu yara sun sha, wasu kin ba maƙwabta don kada su lalace a banza. Kuɗin da ya shigo 1,600 ne, ki cire 1,400, saura 200. Saboda haka gorar da aka saya da gaske ba sidi 7 ta ci ba, ta ci sidi 9 saura kaɗan, don ita ce take biyan kuɗin 'yan'uwanta da suka mutu a firiza.

Daga 200 ɗin nan ban gama cirewa ba. Kina sa wa mita kati, na ga kusan sidi 60 a sati. Kuɗin mota zuwa kasuwar Kejetia sayen madara da gora, da na mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, da yake kai wa shaguna, sidi 50. Saura 90. Sannan akwai shafin baya, wanda kika rubuta sunayen masu bashi. Na tara wanda ya wuce wata guda ba a biya ba, sidi 640. Ki raba shi a kan sati 16 da kika yi, sidi 40 ke nan kowane sati. Abin da ya rage miki a burkina sidi 50 ne a sati. Kwana 6 kina tashi kafin asuba, ki turara gero, ki dama madara, ki wanke gora, a kan sidi 50. Ko yarinyar da take taya ki wanke-wanke ba za ta yarda da wannan ba.

Yanzu ki dubi sobolon da kike kira "ɗan sobolo". Gora 100 a sati, ganye da citta da kanumfari da suga da gora sidi 200, kina sayarwa sidi 5. Kina sayar da 95. Ya ba ki 475, a cire 200, saura 275, kuma ban ga sunan mai bashi ko ɗaya a kansa ba, don 'yan makaranta da masu wucewa ne suke saye, hannu da hannu. Wata za ta ce ai shi ma yana shan wutar firiza. Gaskiya ne. A raba kuɗin wutar biyu, a ɗora masa 30, har yanzu yana da 245, burkina ta tashi 80. Labarin bai canza ba. Kuma sau biyu kawai kike dafa shi a sati.

Wannan lissafin riba ne. Shi kaɗai ba ya sa in ce wa mutum ya bari, don sabuwar sana'a takan fara da rarrafe. Abin da nake dubawa na biyu shi ne ko rarrafen yana gaba. A Janairu kina sayar da wajen gora 150 a sati. Fabrairu 165. Maris ya tashi 260, kuma na tabbata watan nan ne yake riƙe da zuciyarki har yau. Amma Maris azumi ne. Da azumi, a Zango, ko ruwan sanyi kika ɗaura a leda kafin magariba zai ƙare. Ki sa hannu ki rufe Maris, ki karanta sauran: 150, 165, 160. Bai motsa ba. Kuma ki tuna, watannin nan su ne na zafi a Kumasi, lokacin da kayan sanyi suka fi tafiya. Ruwa ya riga ya fara sauka, Mayu da Yuni sai abin da ya ƙaru, daga nan a shiga sanyin Yuli da Agusta. In a kakarta ta tsaya a 160, ba na sa ran damina ta ɗaga ta.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a sunayen shaguna. A Janairu shago 6 suke karɓa. A Afrilu ma 6 ne, amma 2 ne kawai daga cikin na farko. Huɗu sun daina, kin samo wasu huɗu sababbi a Asawase. Ke kina ganin lamba ɗaya, ni kuma ina ganin kwando ne kike ɗiban ruwa da shi. Mai shago ba ya barin kayan da yake tafiya. Ki je wurin biyu daga cikin waɗanda suka daina, ba da faɗa ba, ki tambaye su dalili. In sun ce tana yin tsami a rana ta biyu idan an ɗauke wuta, wannan ciwon madara ne, kuma ba ki da maganinsa sai da janareto, wanda jarinki bai kai ba. In kuwa sun ce wata ce take kawo musu a sidi 8, to ke da gorarki take cin 7 tun kafin asara, ba ki da wurin saukowa.

Ɗan jira, ana buga ƙofa.

Yauwa, na dawo. Maganar firiza. Na ji yadda kika faɗi 4,500 ɗin nan, kamar ita ce igiyar da ta ɗaure ki. Kuɗin nan ya riga ya fita, ko kin ci gaba ko kin bari. Yin burkina wata shida nan gaba ba zai dawo da shi ba, tunda sidi 50 a sati sai ya shekara ɗaya da wata tara kafin ya kai 4,500. Kuma firizar ba ta san burkina ba. Za ta sanyaya sobolo, lamurji, ruwan leda, ta yi ƙanƙara. Ni na taɓa irin wannan riƙon. Shekarun baya na shiga gwanjo, ina sayo dila ina ɓarewa. Kayan sama masu kyau su tafi cikin kwana uku, in yi ta murna, ragowar kuma su cika min ɗaki. Wata tara na yi ina cewa dila ta gaba za ta gyara ta baya, don kawai na riga na biya kuɗin rumfa na shekara. Lokacin ba ni da littafi. Ranar da na ƙirga abin da ke ɗakin, kunya ta hana ni gaya wa maigida adadin.

To me za ki yi? Ba zan ce ki kife tukunya gobe ba, don akwai gyara ɗaya da ba ki gwada ba, kuma ba ya cin kuɗi. Daga Litinin ki rage burkina zuwa gora 130 a sati, ki riƙa yi kaɗan-kaɗan, kada gora ta wuce kwana biyu a hannunki. Bashi ki tsayar da shi cak. Shagon da ba zai biya na jiya ba kafin ya karɓi na yau, ki bar shi. Gora 130 za ta ci sidi 910. In kin sayar da 120 kuɗi hannu, 1,200 ke nan, saura 290, a cire wuta da mota 110, ki tashi da 180. Wannan shi ne iyakar abin da burkina za ta iya ba ki in komai ya tafi daidai.

Ki buɗe sabon shafi yau, ki rubuta kwanan wata na sati huɗu masu zuwa, ki rubuta a gefensa: sidi 150 a sati. In ranar ta zo, kika tara sati huɗun bai kai 600 ba, kin bar burkina, sai dai in an yi miki oda ta suna ko biki an biya rabi tun gaba. Dalilin da ya sa nake so ki rubuta tun yanzu, zuciya tana da wayo. In ranar ta zo ba a rubuce ba, za ki ce ai satin nan ruwa ne ya hana, ai wancan dumso ne, an yi ta ɗauke wuta, bari in ƙara wata ɗaya. Ki nuna wa yayarki shafin, ta zama shaida.

Sobolon ma kada ki ɗauka ya ci jarrabawa. Na ga wuri bakwai da kika rubuta "ya ƙare" a gefen shafi, wani lokaci tun Alhamis, kuma wannan alama ce mai kyau, don tana nufin akwai mai nema da ya koma hannu wofi. Amma wanda ya sha gora 100 ba lallai ya sha 300 ba, kuma shi ma kayan sanyi ne, damina za ta taɓa shi. A sati huɗun nan ki ɗaga shi zuwa 150 kawai, da kuɗin madarar da kika rage. In yana ƙarewa ba ragowa, ki ƙara 50. In ya fara kwana, kin san iyakar layinku ke nan, sai a nemi bakin wata makaranta ko tasha. Ki sa ido kuma a kan lokacin hutun makaranta, tunda yara ne rabin masu sayenki, kada ki yi masa hukunci da satin da ba sa nan.

A littafin, layi uku nake so ki ƙara wa kowace rana, kowane kaya da shafinsa: nawa kika yi, nawa aka saya aka biya, nawa ya rage da inda ya tafi. In gida aka sha, ki rubuta gida. In tsami ne, ki rubuta tsami, ki sa ko an ɗauke wuta a ranar. Wanda aka turo ta Momo ki shigar da shi a ranar, don na ga wurare biyu da kika manta sai daga baya kika cusa a gefe.

In kin tambaye ni abin da nake zato, burkinar ba za ta kai 600 ɗin ba. Amma gara littafinki ya gaya miki da in gaya miki. Ranar Asabar ki turo min hoton satin farko, shafin burkina daban, na sobolo daban. Ki gaida min Inna da jiki.