Na ƙara wa kwamfuta ram, sai ta soma mutuwa da kanta

"Malam, a ƙasar da nake ci-rani aikin lissafin kuɗi nake yi daga gida, ga taron bidiyo kullum. Kwamfutata tana da ram giga 8, na ƙara mata sabo mai giga 16. Tun ranar take mutuwa tana tashi da kanta. Ina kuskuren yake, kuma giga nawa zai ishe ni?"

Ɗan'uwa, fara da cire su duka biyun, ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikin kowanne. Tunda sabon ya shiga gurbi, jinsinsu ɗaya ne, domin tsagar DDR3 da DDR4 da DDR5 ba wuri ɗaya take ba. Mu ɗauka tsohon an rubuta masa DDR4-2400, sabon kuma DDR4-3200.

Kwamfuta ba ta iya tafiyar da kowanne da saurinsa. Sauri ɗaya take ba su, da lokacin jira ɗaya, don haka sai ta sauko da sabon zuwa 2400. Sau da yawa hakan yana tafiya lafiya, asarar kawai ita ce saurin da ka saya bai yi maka amfani ba. Amma wani lokaci tsarin da ta zaɓa bai yi wa ɗayansu daidai ba, sai bayani ya riƙa gurɓata jifa-jifa. A nan ne za ka ga allo ya yi shuɗi, wataƙila da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, ko ta mutu ana tsakiyar taro.

Kada ka yanke hukunci tukuna, don sabo ma yakan zo da lahani. Kashe ta, cire caja, ka bar sabon shi kaɗai. Kunna ta, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta `mdsched.exe`, ka danna Enter, ka bar ta ta sake tashi ta yi gwajin ram ɗin. In ya fito lafiya kuma ta yi kwana biyu ba ta mutu ba, haɗin ne bai yi ba. In ya nuna kuskure, mayar da shi inda ka saya.

Batun yawa kuwa, giga 8 yana ɗaukar rubutu da imel da shafuka kaɗan. Irin aikinka, manyan takardun Excel da taron bidiyo da shafuka barkatai a buɗe, giga 16 ne daidai. Giga 32 na masu tace bidiyo ne da masu manyan zane-zane. Don ka tabbatar, buɗe Task Manager lokacin da aiki ya fi yawa, ka duba Memory a ƙarƙashin Performance: in kullum ya kusa cika, kana buƙatar ƙari.

Da ni ne, tsohon zan ajiye, in ci gaba da sabon. Ran da aiki ya ƙaru, sai ka nemo irinsa sak, kamfani ɗaya da lamba ɗaya, domin biyu masu kama suna raba aikin ta hanya biyu a lokaci guda.