Intanet ɗin ofis yana jan ƙafa: yaya zan gane na'urar da ke cinye layin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu, mu kusan ashirin ne. Layinmu megabit 50 ne wajen saukewa, 10 wajen ɗorawa. Kullum daga ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu intanet sai ya yi nauyi, taron bidiyo ya riƙa yankewa. Na shiga rauta na buɗe `System Log` amma ban fahimci komai ba. Ta yaya zan gane na'urar da ke cinye mana layi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba laifinka ba ne da ba ka ga komai a wannan shafin ba, don a yawancin rautoci ba ya ƙirga yawan bayanan da kowace na'ura ta sha. Abin da yake rubutawa shi ne aukuwa: wane ya shiga, an ba wane adireshi, layi ya yanke ya dawo. Lissafin da kake nema yana wani shafin, mai suna irin `Traffic Monitor`, `Traffic Analyzer` ko `Bandwidth Usage`, gwargwadon kamfanin da ya ƙera rautar. A wasu ma a kashe yake zuwa, sai ka kunna shi da kanka, kuma daga lokacin ne zai fara ƙirga.

Kafin ka tuhumi kowace na'ura, fara tabbatar da cewa layin cika yake yi. Gobe da ƙarfe goman, daga kwamfutar Windows da ke haɗe da rauta ta kebul, buɗe tagogin `Command Prompt` biyu ka saki waɗannan umarni, ɗaya a kowace taga, ka rubuta lambobin da ka gani. Sa adireshin rautarku a madadin na farko idan ya bambanta:

```
ping -t 192.168.1.1
ping -t 8.8.8.8
```

Na farko yana auna tafiya zuwa rauta, kuma ta kebul bai kamata ya wuce milisakan ɗaya ko biyu ba. Idan shi ne ke hawa, matsalar a cikin ofis take. Idan yana nan lafiya amma na biyu, mai auna tafiya zuwa intanet, ya yi tsalle daga gomomi zuwa ɗaruruwan milisakan, sai ka duba jadawalin mashigar `WAN` a rauta, wato wadda layin intanet ke shigowa ta cikinta. In ka ga layin ya kai ƙololuwa ya miƙe a kwance, an cika shi. In kuwa bai kai ko rabi ba amma ana shan wahala, kada ka ɓata lokaci kan na'urori, kamfanin da ke ba ku intanet za ka nema.

Kuskuren da na fi gani shi ne a buɗe jerin na'urori, a kama wadda ta fi kowa jimillar gigabait a yini, a ce ga ɓarawon. Jimilla ba ta faɗa maka lokacin da aka sha bayanan ba, kuma ba ta faɗi ta wane ɓangare ba. Mu ɗauki misali da layi irin naku. A ce kwamfuta ta farko ta sauke gigabait 40 a cikin awa 24, ta biyu kuma ta ɗora gigabait 9 kacal. Rauta kan nuna jimilla da bait, shi kuwa layi da bit ake sayar da shi, saboda haka sai ka ninka da takwas. Gigabait 40 ya zama megabit 320,000. Raba shi da daƙiƙa 86,400 na yini, ka sami kimanin megabit 3.7 a daƙiƙa, a kan hanyar da ke ɗaukar 50. Wannan ba ta takura wa kowa ba. Ta biyun fa? Gigabait 9 megabit 72,000 ne. Idan tsakanin goma da sha biyu ta tura shi, wato daƙiƙa 7,200, ya zama megabit 10 a daƙiƙa. Ta toshe hanyar ɗorawa baki ɗaya na tsawon awa biyu, alhali a jerin jimilla tana can ƙasa.

Shi ya sa zan so ka fara sa ido kan ɗorawa. Ko saukewa kake yi, kwamfutarka tana aika ƙananan saƙonnin tabbatar da cewa kayan sun iso, kuma ta hanyar ɗorawa suke bi. Haka muryarka da hotonka a taron bidiyo. Da zarar hanyar ta cika, duk waɗannan sai su shiga dogon layi a cikin rauta suna jira, kowa ya ji intanet ya mutu, ko da hanyar saukewa wayam take. Masu yin wannan aika-aika sanannu ne: manhajar ajiye kwafin fayiloli a intanet, na'urar kyamarorin tsaro idan ana kallonta daga waje, da wayoyin da ke tura hotuna da bidiyo da zarar sun kama `Wi-Fi` na ofis da safe.

Don haka ka zauna gaban rautar a daidai lokacin da abin ke faruwa, ka jera na'urorin bisa gudun da suke yi a yanzu. Ka auna ta ɓangaren cikin ofis, wato `LAN`, domin ta ɓangaren waje rauta ta riga ta mayar da kowa adireshi ɗaya. Idan rautarku ƙirar MikroTik ce, ga yadda ake yi, da sunan mashigarku a madadin `bridge`:

```
/tool torch interface=bridge src-address=0.0.0.0/0
/ip dhcp-server lease print
```

A kula, `RX` da `TX`, wato karɓa da aikawa, daga mahangar rauta ake karanta su. A mashigar cikin ofis, abin da rauta ta karɓa shi ne abin da na'urar ta ɗora. In ka yi shakka, tura babban fayil daga kwamfutarka ka ga wanne ya motsa.

Umarni na biyu shi ke haɗa adireshin `IP` da na'ura: zai nuna sunanta da lambarta ta `MAC`. Rabin farko na lambar yana nuna kamfanin da ya ƙera katin sadarwarta, wanda kan taimaka wajen bambance kyamara da firinta. Amma wayoyin zamani sukan ƙirƙiri lambar bogi don sirri, kuma adireshin da wane ya riƙe jiya yana iya zama na wani yau. A nan ne shafin da ka fara buɗewa zai yi maka amfani, don shi ke nuna wa aka ba wane adireshi da ƙarfe nawa, muddin agogon rautar daidai yake. Wani tarkon kuma: idan wani ya jona ƙaramar rauta a ɗakinsa, duk na'urorin da ke bayanta za su bayyana kamar na'ura ɗaya mai haɗama.

Idan ka sami wadda kake zargi, gwada ta kafin ka yi wa mai ita magana. Bar tagar `ping` a buɗe, ka cire na'urar na minti biyu. Idan lambobin suka sauko nan take, ka mayar da ita suka sake hawa, ita ce. Ina roƙonka kada ka tunkari mutumin da faɗa, don sau da yawa bai ma san kwamfutarsa na yin haka ba. Maganin kuma ba toshe ta ba ne, tunda ajiye kwafin fayiloli aiki ne da ofis ke buƙata. Mayar da aikin zuwa dare, ko ka ƙayyade mata ɗorawa zuwa megabit 2 ko 3 a lokacin aiki. Idan rautarku tana da `SQM`, wato tsarin da ke hana saƙonni taruwa suna dogon jira, kunna shi ka sa iyakarsa kaɗan ƙasa da ƙarfin layin, kamar megabit 9 a kan 10 ɗinku, sannan washegari da ƙarfe goma ka maimaita gwajin tagogi biyun ka kwatanta da lambobin da ka rubuta tun farko.