Wasan ƙetare titi na 'yan shekara 7

Tambaya: Ina neman gajeren wasan kwaikwayo kan tsallaka titi wanda kowane yaro ɗan shekara 7 zai samu abin faɗa.

Malama, ki zana titin bakin kasuwar Dole da alli, ki ba kowane yaro jimla ɗaya tak, domin mai dogon zance yakan manta inda ya kamata ya tsaya.

Yaya: Riƙe hannuna, mu tsaya bakin titi.
Ƙane: Na duba hagu.
Ƙanwa: Na duba dama, na sake duba hagu.
Ɗan kabu-kabu: Ina tafe, ku dakata!
Direba: Ba na ganin yaron da ya ɓullo ta bayan mota.
Ɗan sanda: Yanzu ku tsallaka, ban da gudu.

Ana farawa da hagu ne saboda a Nijar motoci hannun dama suke bi, na kusa da yaro daga hagunsa suke zuwa. Idan yaran sun fi shida, a maimaita tsallakawar da sabon rukuni har kowa ya samu zagayensa.