Jawabin godiya a walimar kammala makaranta

"Ni aka zaɓa in yi jawabin godiya ranar yaye mu, minti biyu kacal. Me zan ce?"

Ƙanwata, bayan sallama ki fara da shugaban makaranta, sai malamai, sannan iyaye. Kada ki tsaya jero sunaye, wanda kika manta zai ji haushi. Ki kama abu ɗaya da idonki ya gani, kamar haka:

"Malamanmu, mun tuna yadda kuke tsayawa da mu bayan an tashi, alli duk ya ɓata muku riga, saboda jarrabawar WAEC. Iyayenmu, mun san wata ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin rajista. Allah ya saka da alheri. Inda muka saɓa muku, ku yafe mana."

Da kin ambaci iyaye ki ɗan dakata, za su ce amin.