Yadda ake tantance lissafin rasitin da aka turo a hoto

Tambaya: Mai kawo min kaya ya turo hoton rasiti ta WhatsApp, jimilla 279.650 sefa. Ta yaya zan tabbatar lissafin daidai ne kafin in biya?

Amsa: Alhaji, kada ku fara da jimillar ƙasa, ku bi layi-layi da kalkuleta, adadi sau farashin ɗaya. A ce siminti buhu 40 a kan 5.000, ya ba da 200.000, kwano 10 a kan 3.500, ya ba da 35.000. Haɗe su 235.000, shi ne abin da ake rubutawa Total HT, wato kuɗin kaya kafin haraji.

Harajin TVA na gama-gari a nan Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Ku ninka 235.000 da 0,19, za ku samu 44.650. Ku ɗora a kan na farko, Total TTC, wato jimilla haɗe da haraji, ya zama 279.650. In kayanku ke nan, lissafi ya tafi daidai.

Inda aka fi cutuwa shi ne farashin layi ya riga ya ƙunshi haraji, sannan a sake ɗora 19 a ƙasa. Ku duba kan layin farashi: HT aka rubuta ko TTC? In akwai ragi, kafin haraji ake cire shi.

Hoton kansa ma abin lura ne. Ya taɓa faruwa da ni a Maradi, an yanke layin kuɗin mota daga ƙasan hoto, na kwana ina neman jika uku. Ku buɗe hoton sosai, don 3 da 8 kan rikice, kuma in gefe ya yanke ku ce a turo PDF. Ku tuna alƙaluman takarda sefa ne, ba dala ba: 5.000 jika biyar ce.