Takardar Rufe Kantin Magani Lokacin Sallah: Abin da Za a Rubuta da Abin da Za a Tanada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantin magani mai rajista a cikin birnin Kano, kuma ina so in rufe kwana uku a Babbar Sallah don yarana su huta. Bara mun rufe ba sanarwa, wasu kwastomomi suka ji haushi suka sauya kanti. Yaya zan rubuta musu takarda ta yadda ba za su ji an yi watsi da su ba, su kuma zo su sayi abin da suke buƙata kafin mu rufe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka ɗauki alƙalami, buɗe littafin cinikinka ka fitar da sunayen masu sayen magani duk wata: masu hawan jini, masu ciwon suga, masu asma, masu farfaɗiya da masu sikila. Su za ka rubuta wa. Mai ciwon kai idan ya tarar da ƙofa a rufe zai wuce kemis na gaba, gobe ya dawo maka. Amma dattijon da maganin hawan jininsa ya ƙare ranar Sallah, ya shiga Adaidaita yana zagaya gari da rana tsaka, wannan ba ya mantuwa, kuma duk kantin da ya fitar da shi kunya a ranar nan ne zai zama kantinsa.

Shawarata kada ka rufe kwana ukun cur. Rufe ranar Sallah da washegari, rana ta uku ka buɗe awa huɗu, daga huɗu na yamma zuwa takwas, da kai ko mai harhaɗa maganinka da yaro ɗaya. Nama da maiƙo sukan fara nuna kansu a rana ta biyu da ta uku, masu ɓacin ciki da ƙwannafi su yi yawa. Idan kantinka yana kan hanyar da hawa ke bi, ka duba lokacin da ake tare titi kafin ka sa awannin.

Babbar Sallah tana da sauƙi wajen kwanan wata, domin da zarar fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin watan Zulhijja ka san ranar goma ga wata. Ka fitar da takardar washegarin sanarwar, ka sake tunatarwa saura kwana uku. A Ƙaramar Sallah kuwa ba a tabbatarwa sai daren ashirin da tara ga azumi, don haka a can sai ka rubuta "ranar Sallah da washegari", kada ka ɗaure kanka da sunan rana. Kada kuma ka dogara da hutun da gwamnati ta bayar ka ce mutane za su gane; hutun ma'aikata daban, lokutan kantinka daban.

Mu ɗauka Sallah ta faɗo ranar Juma'a. Ga yadda takardar za ta kasance:

"Assalamu alaikum. Muna yi muku barka da Sallah tun kafin ta zo, Allah Ya nuna mana lafiya.

Ga lokutan aikinmu a makon Sallah. Laraba da Alhamis: 8 na safe zuwa 10 na dare. Juma'a, ranar Sallah, da Asabar: a rufe. Lahadi: 4 na yamma zuwa 8 na dare. Litinin: mun koma aiki kamar kullum.

Idan kuna shan magani kullum, ko kuna kula da wanda yake sha, don Allah ku ƙirga abin da ya rage yau. Idan ba zai kai ku Larabar bayan Sallah ba, ku zo kafin daren Alhamis da takardar likita ko katin asibiti. Kuna iya turo mana hoton takardar ta WhatsApp mu haɗa muku, sai dai ku zo ku karɓa. Masu tafiya gida Sallah, ku ƙirga har da kwanakin tafiya.

Yana da kyau a sami farasitamol, gishirin ORS da zinki na yara, filasta da bandeji a gida.

Idan buƙata ta taso muna rufe, ku kira wannan lamba daga 10 na safe zuwa 6 na yamma, ko ku je kanti kaza da ke wuri kaza, yana buɗe. Idan ciwo ya yi tsanani, kamar ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, a wuce asibiti kai tsaye.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. A yi Sallah lafiya."

Ka lura lokutan sun zo a sama, kowace rana da sunanta da awanninta. Jumla irin "za mu rufe na 'yan kwanaki" ita ce take jawo a zo a yi ta buga ƙofa. Ba a kuma cika takardar da ban haƙuri ba. Kowa ya san yaran kanti su ma suna da iyaye da za su je gaisarwa. Abin da mutum yake so ya sani shi ne yaushe za a buɗe, kuma ina zai nufa kafin nan.

Jumlar da take kawo ciniki ita ce ta ƙirga magani, kuma a kanta zan daɗe. Idan ka ce "ku zo ku tanadi magani kafin mu rufe", kowa zai ce to, ya ci gaba da cinikin rago. Idan ka ba shi rana ɗaya da zai auna da ita, zai ɗauko katin maganin ya duba. Mai shan metfomin sau biyu a rana, daga Alhamis zuwa Laraba kwana 7 ne, yana buƙatar ƙwaya 14. Idan ya ga 9 suka rage, ba sai an roƙe shi ba. Dalilin sa Laraba, alhali ka buɗe tun Lahadi, shi ne 'yan sari su ma suna hutu, kayan da suka ƙare maka ba lallai su iso ranar Litinin ba. Ka koya wa yaranka wannan lissafin su riƙa yi da baki a kan kanta: "Baba, guda nawa suka rage a gida? Sau nawa kake sha?"

Insulin yana da nasa hukuncin. Wanda ba a buɗe ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Kada ka tura wa mai ciwon suga kwalba uku don Sallah alhali unguwarsu wuta ba ta tsayawa. Ka ba shi abin da zai kai shi. Kai ma kafin ka kulle, ka san wanda zai riƙa leƙa firjinka a kwana biyun nan, da abin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta. Firji cike da insulin ya kwana biyu a zafin Kano asara ce da ba ta nunawa a ido, sai mai saye ya dawo yana cewa sugansa ya ƙi sauka.

Tanadin da kake kira gare shi yana da iyaka, kuma ka riƙe ta. Kada sunan antibayotik ya shiga takardar, domin wanda ya ajiye shi a gida da an yi gudawa zai ɗirka wa yaro, ya tsaya a rabi. Tiramadol da magungunan barci ba a ƙara wa kowa ko ɗaya bisa abin da likita ya rubuta, kuma ka gargaɗi yaranka, za a sami masu fakewa da "ai za ku rufe". Kada ka ambaci sunan maganin wani kamfani ko ka ce yana warkar da kaza, saboda tallan magani sai da izinin NAFDAC. Wanda kuma lasisinsa na ƙaramin kemis ne daga PCN, ya tsaya kan magungunan da lasisin ya ba shi dama, ya cire maganar takardar likita.

Takardar alkawari ce, sai ka shirya kaya a bayanta. Mu ce kana da masu sayen wata-wata 120. Kusan mutum 4 ke nan a rana, 28 a mako. A makon Sallah za ka karɓi 28 na makon, da wasu 28 na makon gaba da ka kira su zo da wuri, 56 ke nan. Idan rabinsu suna shan amlodifin ɗaya a rana, mutum 28 sau kati 3 mai ƙwaya goma, kati 84 kake buƙata inda ka saba sayar da 42. Ka ninka sari a kan waɗannan magungunan kaɗai, guda goma ko sha biyar da littafinka ya nuna, ka kuma sa oda kafin takardar ta fita. Ka kira mutum ya zo ka ce masa babu, gara ma ba ka rubuta ba.

Ka sani kuma yawancin wannan cinikin ba sabo ba ne, na mako mai zuwa ne ka jawo gaba. Aljihun tebur zai cika ranar Alhamis, makon bayan Sallah kanti ya yi shiru. Nan masu kanti suke yin kuskure, su ɗauki kuɗin kamar riba su ƙara a kan hidimar Sallah, ranar biyan 'yan sari ta zo babu. Ka ware kuɗin kayan da ka ninka tun daren Alhamis. Ribarka ta gaskiya ita ce mutanen da ba su sauya kanti ba, da ɗan ƙarin da ORS da filasta suka kawo.

Za ka ga masu cewa rago da ɗinkin yara sun cinye kuɗin. Maimakon buɗe littafin bashi ga kowa, ka sayar musu da na kwana goma, su cika sauran bayan Sallah. Ragi a kan magani ba na ba da shawararsa, yana sa a sayi abin da ba a buƙata. Awon jini kyauta ranar Laraba da Alhamis ya fi jawo mutanen da kake nema.

Lambar gaggawa kada ka sa ta sai ka tabbatar akwai mai ɗauka, shi ya sa aka rubuta awanninta. Kantin da za ka tura mutane kuma ka je ka yi magana da mai shi tukuna, ku yi karɓa-karɓa: shi ya buɗe a wannan Sallar, kai ka buɗe a ta gaba.

Wajen rabawa, ka manna babba a wajen ƙofa inda za a gani ko an sauke ƙyauren, ka sa ƙarama a cikin ledar duk wanda ya yi sayayya. A WhatsApp ka tura wa kowa shi kaɗai, kada ka tara marasa lafiya a zaure ɗaya kowa yana ganin lambar kowa, kuma kada saƙon ya faɗi ciwon mutum, don waya takan shiga hannun 'ya'ya da maƙwabta. Ka haɗa da saƙon murya na rabin minti saboda waɗanda ba sa karanta boko. Dattawa ashirin ko talatin da ka san ba sa duba saƙo, ka sa yaro ɗaya ya zauna ranar Litinin ta makon Sallah ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙwaya nawa suka rage, ya rubuta a gaban sunan kowa.